Katun ɗinmu ya kai -11 LUFS amma a waya ba a jin magana

Sadiƙu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kashi na uku na katun ɗinmu ne, minti 7, 'yan wasa uku: yarinya, kakanta, da wani dodo mai katon murya. A hedifon komai lafiya lau. A sifikar waya kuwa yarinyar kaɗai ake ji sosai, kakan kamar yana gunaguni, in kuma kiɗan guje-guje ya shigo sai an rage waya, daga baya a sake ƙarawa. Na auna fayil ɗin gaba ɗaya, ya ba ni -11 LUFS, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ƙololuwarsa -0.1 dB. Ke nan ba rashin ƙarfi ba ne. To ina matsalar take?

Nazifi: Wa alaikumus salam. Ka wuce gona da iri ne kawai. YouTube wajen -14 yake daidaita sauti, duk abin da ya haura sai ya rage shi. Ka sa `Loudness Normalization` na Audacity, ka rubuta -14, ka fitar. Shi ke nan.

Malam Habibu: Nazifi, rabin maganarka daidai ne. YouTube zai rage masa wajen 3 dB, in ma ya danna `Stats for nerds` ya dubi layin `Volume / Normalized` zai gani da idonsa. Amma in ya rage da kansa, abu ɗaya ya yi da wanda YouTube zai yi: murya da kiɗa duka sun sauka tare, tazarar da ke tsakaninsu tana nan inda take. Lambar -11 ɗin nan awo ne na fim ɗin dukkansa, ba ta faɗa maka wa ya kawo ta. Sadiƙu, ka kashe layin kiɗa da na sauran sautuka, ka bar muryoyi kaɗai ka auna. Sannan ka auna kowane ɗan wasa daban, ka kuma auna wurin guje-gujen shi kaɗai. Ka kawo mana lambobin.

Sadiƙu: To Malam. Muryoyi kaɗai -19. Yarinya -18, kaka -19, dodo -20. Wurin guje-guje, sakan 50, -8 ne.

Malam Habibu: Ga ta nan. Maganarka tana -19, fim ɗin yana -11, wato kiɗa da faɗe-faɗe ne suka ja lambar sama da tazarar 8. Bayan YouTube ya rage 3, maganarka ta koma -22, guje-gujen yana -11. Mai kallo zai saita wayarsa ne a kan magana, don ita yake bi. Da ya saita ta, sai guje-guje ya zo masa da ƙarin 11 dB, kuma ƙarin 10 dB kunne yana jinsa kamar an ninka ƙarfin sau biyu. Dole ya kai hannu ya rage.

Gyaran daga murya yake farawa. Ka sauke komai ƙasa, ka bar muryoyin. Ka bi su layi-layi, kowace jimla ka gyara ƙarfinta da hannu tun kafin ta shiga kowace na'ura, har mitar `Short-term`, wadda take auna sakan 3 na ƙarshe, ta riƙa yawo kusa da -23, ba ta wuce 2 sama ko ƙasa ba. Raɗa ka bar ta ta sauka zuwa wajen -27, ihu ya hau zuwa -20, kada su wuce nan. Ihu ba ƙarfinsa ke sa a gane ihu ne ba, yadda muryar ta ɗaure ne, don haka ko ka rage shi ihunsa yana nan. Na ce -23 ne don ka samu sarari a sama, daga ƙarshe za a ɗaga duka tare.

Nazifi: Amma Malam, wannan aikin ai na kwamfuresa ne. Minti 7 jimla-jimla da hannu?

Malam Habibu: Kwamfuresa, mai matse wuraren da murya ta yi ƙarfi, yana zuwa, amma bayan hannu. In ka ba shi muryar da raɗanta ke -35 ihunta ke -12, sai ya matse ihun da 10 dB ko fiye, muryar ta shaƙe, numfashi da amon ɗaki su taso a kowane ɗan shiru. In hannu ya riga ya daidaita, `Ratio` 3:1 ya isa, `Attack` wajen 10 zuwa 15 ms don kada ya cinye farkon baƙaƙe, `Release` wajen 80 zuwa 120 ms, ka sauke `Threshold` har ya riƙa cire 3 zuwa 4 dB a kalmomi masu ƙarfi. Fiye da haka ba ka bukata.

Hajiya Rabi: Ni kakan ne ya tsaya mini a rai. Ku dubi lambobin da yaron nan ya kawo: yarinya -18, kaka -19. Bambancin 1 ne kacal, amma ya ce ita ake ji shi ba a ji. Ke nan ko ya daidaita su daidai wa daida a mita, a waya kakan zai ci gaba da ɓacewa.

Dalilin shi ne mitar tana ƙirga abin da wayar ba ta iya fitarwa. Muryar namiji babba tushenta yana tsakanin 85 da 180 Hz, in mai muryar ya ƙara kauri don ya yi tsoho ko dodo, nauyin duk can ƙasa yake taruwa. Mitar LUFS tana ƙirga wannan nauyin kusan dukkansa, sai can ƙasa sosai take fara zubarwa. Sifikar waya kuwa ƙanƙanuwa ce, daga wajen 400 ko 300 Hz zuwa ƙasa take fara yin kasala, a 100 Hz kusan babu komai. Yarinya tushen muryarta yana wajen 250 zuwa 300 Hz, sauran kuma sama, don haka kusan duk abin da mita ta ƙirga mata waya tana fitarwa.

Sadiƙu, ka yi wa kanka wayar gwaji a cikin kwamfuta. A layin da kake saurare, ba wanda kake fitarwa ba, ka mai da sautin mono, ka yanke ƙasa da 350 Hz, ka yanke sama da 9000. In da ffmpeg kake so ka ji, ga shi:

```
ffmpeg -i kaka.wav -af "pan=mono|c0=0.5*c0+0.5*c1,highpass=f=350,lowpass=f=9000" kaka_waya.wav
```

Ka yi wa yarinyar ma haka, ka auna su biyun bayan yankan.

Sadiƙu: Hajiya, ikon Allah. Bayan yankan, yarinya 1.5 kawai ta rasa, kaka ya rasa 6, dodo ya rasa 9.

Hajiya Rabi: To ka ga ainihin abin da mai waya yake ji. Kada ka gyara ta hanyar ɗaga kakan da 5 dB, don a hedifon zai danne kowa. Fasalin muryar za ka sauya. Ka yanke masa ƙasa da 90 ko 100 Hz gaba ɗaya, ka rage 2 zuwa 3 dB a wajen 200 zuwa 250 Hz inda muryar take yin duhu, ka ƙara 2 zuwa 3 dB mai faɗi a tsakanin 2000 da 3500 Hz, inda baƙaƙe irin su k, t da ƙ suke bayyana. Da ka cire nauyin ƙasa, mita za ta nuna ya sauka, sai ka ɗaga shi ya koma -23. Yanzu kaso mafi yawa na ƙarfinsa yana wurin da waya ke iyawa.

Dodo aikinsa daban ne, don kaurin shi ne halinsa, ba ka so ka kashe. Ka yi kwafin layinsa, a kwafin ka sa `Saturation` ko `Distortion` kaɗan, ka yanke ƙasa da 300 Hz na kwafin, ka shigar da shi a ƙarƙashin na asali sannu a hankali har ka fara jin gurnani a wayar gwaji. Abin da ke faruwa shi ne, in tushen muryarsa 80 Hz ne, gurɓatawar tana ƙarfafa 'ya'yan sautin a 320, 400, 480 da sama. Kunne in ya ji waɗannan a jere, shi da kansa yake cike tushen da ba a fitar ba, sai ya ji murya mai kauri daga sifikar da ba ta da kauri.

Sai ka kula da yarinyar. Ƙarin da za ka yi wa kaka kada ka yi mata, don 3000 zuwa 4000 Hz ɗinta ya riga ya isa, kuma wayoyi da yawa suna da tsini a nan. Ita `De-esser` take bukata a wajen 6000 zuwa 8000 Hz, ya riƙa cire 3 zuwa 4 dB a kan s da sh da ts. In ya wuce haka za ta koma kamar mai tsamin baki.

Bello: Ni ma ina da irin wannan matsalar. Makirfon ɗina na USB ne, kuma akwai ƙarar fanka a duk abin da na ɗauka. Wane makirfon za ku ba da shawara a saya don sauti ya fito a waya?

Malam Habibu: Malam Bello, taka matsalar ɗauka ce, tasa ta haɗawa ce. Sabon makirfon zai ɗauki fankar kamar yadda tsohon ya ɗauka. Kashe ta lokacin ɗauka, mai magana ya matso kamar taƙi ɗaya daga makirfon. Inda maganarka ta taɓa tamu shi ne, duk ƙarar da ke ƙarƙashin murya za ta hau tare da ita idan aka matse aka ɗaga, saboda haka tsaftacewa kafin kwamfuresa ake yi. Ka buɗe tambayarka daban mu duba ta da kyau.

Mu koma kan kiɗa. Sadiƙu, da muryoyi sun zauna a -23, ka shigo da kiɗa a ƙarƙashin magana a wajen -36, wato tazarar 13. Tsakanin 12 da 15 nake aiki. A hedifon zai yi maka kamar ya yi ƙasa da yawa, ka daure. Inda babu magana ka bar shi ya hau zuwa -22 ko -21, guje-guje ya kai -19 a mafi zafinsa. Huɗu sama da magana ya isa a ji an shiga tashin hankali.

Nazifi: Wannan kam da sauƙi. `Sidechain` daga murya zuwa kiɗa, ko `Auto Duck` in Audacity ne. Duk sanda aka yi magana kiɗa ya sunkuya da kansa.

Malam Habibu: Ga labarin da mutum ɗaya yake karantawa a jere, yana aiki. A katun maganganun gajeru ne, "Kai!", shiru na rabin sakan, "Tsaya!", sai kiɗan ya riƙa hawa da sauka a kowane giɓi kamar mai haki. Kuma na'urar sai ta ji murya take fara sauke kiɗa, ke nan gaɓar farko ta kalma kullum a cikin kiɗa mai ƙarfi take faɗawa, ita ce kuwa wadda kunne ke kama zance da ita. Da hannu, sai ka fara sauke kiɗan firem 6 kafin bakin ya buɗe, rubu'in sakan ke nan a firem 24, ka riƙe shi a ƙasa har a gama musayar maganar duka, sannan ka dawo da shi cikin sakan ɗaya.

Hajiya Rabi: A nan ban bi ka gaba ɗaya ba, Malam. Ga mai fitar da kashi kowane mako, hannu kaɗai yana cin lokaci. Ni ina raba aikin biyu: hannu ya yi babban saukarwa na kowane fage, sannan a sa mai aiki da kansa ya cire 2 zuwa 3 dB kawai, kuma a tsakanin 1500 da 4000 Hz na kiɗan kaɗai, da `Release` wajen 400 ms. Tunda gangar da sautin ƙasa ba sa motsi, kunne ba ya jin hakin. Auto Duck na Audacity ma yana da `Outer fade-down length`, wanda ke fara saukarwa kafin muryar ta iso, da `Maximum pause` da ke hana shi dawowa a gajeren shiru, don haka ba duka ne suke makara ba.

Malam Habibu: Na yarda da na Audacity, tunda yana ganin fayil ɗin gaba ɗaya kafin ya yi aiki. Na cirewa a tsakanin 1500 da 4000 Hz kaɗai kuma, ina ganin yana sa kiɗan ya riƙa sauya launi a ƙarƙashin magana, masu hedifon suna ji. Amma in 2 dB ne ba zan yi jayayya ba.

Abin da duk dabarun nan ba sa gyarawa shi ne kiɗan da aka tsara ba tare da tunanin magana ba. Sarewa, ƙaho, ko wata siririyar waƙar fiyano da ke tafiya a zangon murya, ko ka sauke ta 15 dB tana jan kunne, don ita ma zance take yi. Kuma a waya abin ya fi muni: kiɗan da rabin ƙarfinsa ganga ce da bes, waya za ta zubar da wannan rabin, abin da ya saura shi ne daidai wanda ke karo da murya. In kana da layukan kiɗan a rarrabe, kashe mai jan waƙar idan ana magana, ka dawo da shi a giɓi.

Sadiƙu: Ina da su a rarrabe. Sauran sautukan fa? Akwai inda dodo ya faɗo daga bishiya, a hedifon ƙasa har girgiza take, a waya "tif" kawai.

Hajiya Rabi: Labarin dodon ne ya maimaitu. Faɗuwar taka duk a 50 zuwa 80 Hz take, tana cinye sararin limita, mai hana sauti haura iyaka, a banza, waya kuma ba ta fitar da ita. Ka rage wannan ƙasan da 6 dB, ka ɗora masa sautuka biyu a kai: wani bugu mai jiki a wajen 400 zuwa 800 Hz, kamar an jefar da buhu a kan katako, da karyewar reshe ko watsuwar tsakuwa a 2000 zuwa sama. Waɗannan ne za su ba da girman faɗuwar a waya.

Sannan lokaci. Duk sautin da ya sauka a kan gaɓar kalma ya cinye ta, komai ƙanƙantarsa. Tunda katun ne, kana da 'yancin da mai fim ɗin mutane ba shi da shi: matsar da maganar ko sautin da firem 2 ko 3. Firem ɗaya wajen 42 ms ne a firem 24. Bugun da ido ke gani ka bar shi a kan hotonsa, maganar ka ja baya kaɗan in bakin ba ya fuskantar mai kallo. Mafi ƙarfin sauti a fim ɗin kada ya wuce 6 zuwa 8 sama da magana a mitar `Momentary`, mai auna 400 ms.

Kuma ka bar muryoyi a tsakiya. Wayoyi da yawa sifika ɗaya ce da su, hagu da dama haɗe su ake yi. Muryar da ka tura can gefe guda tana rasa wajen 3 dB in an haɗe, idan aka gwada da ta tsakiya. Waɗannan na'urorin faɗaɗa sitiriyo kuma kan sa hagu da dama su yi karo, wani sautin ya sirance ko ya ɓace. Mitar `Correlation` in tana yawan faɗawa ƙasa da sifili, akwai abin da zai ɓata a mono.

Nazifi: To yanzu mun dawo kan maganata. A ƙarshe dai -14 za a sa ko?

Malam Habibu: Yanzu ne lokacinta. In ya bi lambobin nan, fim ɗin zai auna wajen -22, kusa da maganar, wannan kusancin shi ne alamar aikin ya yi. -23 na ƙa'idar EBU R128 ta 2010 don talabijin aka yi shi, a waya cikin hayaniya ya yi ƙasa. Ni -16 nake kaiwa. Ya ƙara 6 dB a babban layi, magana ta koma -17, sannan limita a ƙarshe, `True Peak` a kunne, rufinsa -1.5. Kada ya bar -0.1 ɗin da ya saba, don idan aka matse sautin zuwa AAC ƙololuwa takan ɗan haura, sai ka ji tsatsa a kan ihu. In ƙololuwarsa tana -5 kafin ƙarin, za ta kai +1, limita ya aske 2.5 dB a 'yan wurare, wannan ba komai. In ka ga yana aske 5 ko 6 a kai a kai, koma ka rage sautin da ke jawo haka.

Mai amfani da ffmpeg, zagaye biyu ake yi. Na farko awo:

```
ffmpeg -i kashi3.wav -af loudnorm=I=-16:TP=-1.5:LRA=11:print_format=json -f null -
```

Na biyu ka mayar masa da lambobin da ya ba ka, waɗannan misali ne:

```
ffmpeg -i kashi3.wav -af loudnorm=I=-16:TP=-1.5:LRA=11:measured_I=-22.1:measured_TP=-8.0:measured_LRA=7.4:measured_thresh=-32.4:linear=true:print_format=summary -ar 48000 fita.wav
```

Ka dubi abin da ya rubuta a ƙarshe. In ya ce `Linear`, ɗagawa kawai ya yi. In ya ce `Dynamic`, to ƙololuwarka ta yi tsayi ko `LRA` ɗinka, wato tazarar da ke tsakanin wuraren shiru da masu ƙara, ya wuce abin da ka nema, sai ya shiga hawa da saukar da sautin da kansa, ya taɓa daidaiton da ka sha wahala a kai. A misalin nan -8 da ƙarin 6.1 ya ba da -1.9, ya shige. Da -5 ne ba zai shige ba, sai an fara askewa da limita. `-ar 48000` ɗin ma kada ka manta, in ba haka ba yana iya fitar maka da 192000.

Nazifi: Amma YouTube ba ya ɗaga wanda ya yi ƙasa. In ya tsaya a -16, bidiyon da aka kalla kafin nasa zai fi shi ƙarfi da 2 dB, yara kuma a waya suke kallo ana surutu a gefe.

Hajiya Rabi: Nan Nazifi yana da hujja, ni ma -14 nake kaiwa in `LRA` bai wuce 6 ko 7 ba, don a lokacin limita ba ya shan wahala. Katun mai yawan shiru da raɗa ne nake bari a -16.

Malam Habibu: Ƙarin 2 dB ɗin yana nufin limita ya aske 4.5 maimakon 2.5, kuma faɗuwar dodon ce za ta biya. Magana a -17 mai tsabta ta fi mini. Sadiƙu ya fitar da duka biyun ya saurara. Abin da ba na sassauci a kai shi ne duk lambar da ya zaɓa, kowane kashi ya zauna a kanta, magana ma a lamba ɗaya, har da waƙar buɗewa, wadda ita ce aka fi barin ta ta fi komai ƙara.

Sadiƙu: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Tambaya ta ƙarshe: gwajin a waya, yaya ya kamata in yi shi?

Hajiya Rabi: Fayil ɗin ƙarshe za ka gwada, bidiyon da aka riga aka matse, ba wanda ke cikin manhajar haɗawa ba. Waya biyu, ɗaya mai araha mai sifika ɗaya. Ƙarfi wajen kashi biyu cikin uku, don a ƙarshen ƙarfi wayar tana sa nata limitan ta ɓoye maka gaskiya. Riƙe ta nesan hannu, fanka ko famfo yana aiki a ɗakin. Kuma ba kai za ka saurara ba, kai ka haddace rubutun, kunnenka zai cike duk kalmar da ta ɓace. Ba wa wanda bai taɓa jin labarin ba, ka ce ya tsayar duk inda bai gane ba ko ya ji yana son taɓa maɓallin ƙara. Ka rubuta minti da sakan na kowane wuri, ka koma can kaɗai ka duba ko kiɗa ne, ko wani sauti ne ya hau kan gaɓa, ko muryar ce ta faɗi ƙasa da -21.